Nawa zai shiga hannun Inna? Banki, kantin aika kuɗi ko manhajar waya

Duk wanda ke aika wa iyalinsa kuɗi daga wata ƙasa yana da tambayar da ya saba yi a gaban kanta, wato nawa ne cajin. Tambayar ba laifi ba ce, amma ba ita ya kamata a fara da ita ba. Abin da ya fi dacewa mutum ya tambaya shi ne: idan na ba da kaza a nan, nawa ne zai shiga hannun wanda na aika wa, a wace rana, kuma sai ya je ina kafin ya karɓa? Cajin da ake rubutawa a allo kashi ɗaya ne kawai na abin da ake yanka. Akwai wanda ake yanka a cikin farashin canji, akwai wanda ake yanka a hanya, akwai kuma wanda mai karɓa ke biya daga aljihunsa ba tare da ya taɓa faɗa wa mai aikowa ba, don kunya.

Bankin Duniya yana bin diddigin tsadar aika kuɗi tsakanin ƙasashe, kuma ma'auninsa shi ne aika dalar Amurka 200. A 'yan shekarun nan matsakaicin abin da ake yanka a duniya ya ɗan haura kashi 6 cikin 100, na ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa ya kusa kashi 8, wanda ya fi na kowane yanki. A cikin hanyoyin da ake bi, bankuna ne suka fi tsada, sama da kashi 10. Majalisar Ɗinkin Duniya na son a sauko da shi ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Waɗannan alƙaluma na duniya ne baki ɗaya, ba za su gaya wa mutum ƙofar da zai shiga gobe da safe ba. Don haka gara mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi tiryan-tiryan.

A ce magidanci ne ɗan asalin Damagaram, yana aiki a Jamus. Mahaifiyarsa na zaune a wani ƙauye a bayan garin Zinder, matarsa da 'ya'yansa kuma suna Kano. Kowane wata yana ware Yuro 300 ga kowane gida. Cajin da zan ambata a ƙasa duk na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, domin kowane kamfani da nasa, kuma suna sauyawa.

Ta banki

Idan ya shiga bankinsa ya ce a tura wa asusu a Zinder, ba a ɗaukar takardun kuɗi a sa a jirgi. Saƙo ake aikawa ta wata kafa da bankunan duniya ke amfani da ita, mai suna SWIFT, wadda aka kafa a 1973 kuma hedkwatarta na Beljiyam. Za a tambaye shi cikakken sunan mai asusun, da lambar asusun, da lambar da ake gane bankin da ita, wadda ake kira SWIFT ko BIC, mai haruffa 8 ko 11. Matsalar ita ce bankinsa na Jamus da wuya a ce yana da hulɗa kai tsaye da wani banki a Nijar. Sai saƙon ya bi ta wani babban banki na tsakiya, wani lokaci biyu, kuma kowannensu yana iya gutsurar nasa kafin ya miƙa gaba.

A takardar da zai cike akwai wurin da mutane da yawa ke tsallakewa, inda aka rubuta OUR, SHA da BEN. Na farko na nufin mai aikawa ya ɗauki duk cajin, na biyu a raba, na uku mai karɓa ya biya duka. Galibi SHA ake sa wa mutum idan bai ce komai ba, shi ya sa kuɗin ke isa da giɓi. A ce bankinsa ya karɓi Yuro 25, bankin tsakiya ya cire 15. Abin da zai isa Nijar Yuro 285 ne. Da yake an ɗaure sefa da Yuro a kan farashi tsayayye, sefa 655.957 a kan kowane Yuro, lissafin a fili yake: Yuro 300 cif sun kama sefa 196,787, Yuro 285 kuwa sefa 186,948. Ga sefa kusan dubu goma sun tafi a hanya, ban da Yuro 25 da ya riga ya biya, ban da kuma abin da bankin Zinder zai cire nasa. Ya kashe Yuro 40 don aika 300, wato sama da kashi 13 cikin 100, kuma sai an jira kwana biyu zuwa biyar na aiki. Idan ya aika ranar Juma'a da yamma, to ya manta da zancen sai wani mako.

Amma a lura da abu guda. Mafi yawan wannan caji tsayayye ne, bai cika damuwa da yawan kuɗin ba. Yuro 40 ɗin da suka zama kashi 13 a kan 300, idan Yuro 5,000 zai aika na sayen fili ko na aikin asibiti, ba su kai kashi 1 ba. Banki kamar shatar babbar mota ne: idan buhu ɗaya ka ɗora ka yi asara, idan ka cika ta da kaya kai ne da riba. Ga kuma takarda. Duk kuɗin da ya bi ta banki yana da shaida, kuma idan ya maƙale, mai aikawa na iya neman bankinsa ya ba shi kwafin saƙon, wanda ma'aikata ke kira MT103, tare da lambar bin sawu ta UETR. Da wannan ne bankin mai karɓa zai gano inda kuɗin ya tsaya. Ranar da rigimar fili ta tashi a dangi, ko ofishin jakadanci ya nemi shaidar cewa kana ciyar da iyalinka, wannan takarda ta fi shaidar baki goma.

Sai dai duk wannan zance ne na wanda ke da asusu. Inna a ƙauye ba ta da shi, ba kuma za ta buɗe ba. Ga cefanen wata-wata, banki ya fita daga lissafi tun kafin a fara.

Ta kanti

A nan ne kantunan aika kuɗi suka samu gindin zama. Akwai manya na duniya irin su Western Union, MoneyGram da Ria, akwai kuma na gida da mutanen Nijar suka fi sani, irin su Nita, Al Izza da Amana, waɗanda 'yan ci-rani a Kwatano, Lome da Abijan ke aika wa gida da su. Yadda abin yake, mai aikawa zai je kanta da tsabar kuɗi da fasfo, ya faɗi sunan mai karɓa da ƙasarsa, a ba shi rasit mai ɗauke da lamba. A Western Union lambar tana da alƙaluma 10, ana kiranta MTCN. A MoneyGram guda 8 ce. Cikin 'yan mintoci kuɗin ya shirya, mai karɓa ya je da lambar da katin shaidarsa a ƙirga masa.

A ce cajin Yuro 9 ne, kashi 3 ke nan. Idan kamfanin ya yi canji a kan tsayayyen farashin nan, Inna za ta karɓi kusan sefa 196,787 ɗinta. Wannan ya fi banki nesa ba kusa ba. Amma akwai wani lissafin da ba ya cikin rasit. Sai ta hau mota zuwa gari, galibi da jika ko ƙanin mai aikowa da zai raka ta, kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, da abin da za a ci a hanya. Idan suka tarar babu sabis, ko an ce kuɗi ya ƙare a kanta sai gobe, an ninka wahalar. Sannan ga tsohuwa da damin kuɗi a tasha, kowa a ƙauye ya san abin da ya kai ta birni.

Abin da ya fi hana mutane karɓar kuɗinsu a kanta kuwa shi ne rubutun suna. Ma'aikacin ba ruwansa da cewa ya san ki, abin da ke allo yake gwadawa da abin da ke kati. Ɗan ya rubuta Aisha Usman kamar yadda ya saba, katin Nijar kuwa an rubuta shi da rubutun Faransanci, Aïchatou Ousmane. Haka Muhammadu ke komawa Mahamadou, Sulaiman ya koma Souleymane. Ko a Najeriya ma mutum ɗaya na iya zama Mohammed a fasfo, Muhammad a banki. Idan suka saɓa, sai mai aikawa ya koma can inda ya biya ya gyara, Inna kuma ta koma ƙauye hannu rabbana. Maganin abin mai sauƙi ne, a ɗauki hoton katin a tura masa, ya kwafe sunan harafi bayan harafi, da jerin da suka zo. Wani lokaci kuma sunan daidai ne amma a ce an riƙe kuɗin ana bincike. Kamfanonin suna tace sunaye da jerin waɗanda aka sa wa takunkumi, kuma da yake sunayenmu na Musulunci sun yi kama da juna, wanda bai ji ba bai gani ba yakan faɗa ciki. Yawanci ranar haihuwa da kwafin kati ne ke warware shi, amma yana cin kwana ɗaya ko biyu.

Lambar rasit kuwa, kuɗi ce. Kada a sa ta a zauren dangi na WhatsApp. Kamfani ba ya mayar da abin da aka riga aka karɓa.

Ta manhaja, da inda ake ɓoye riba

Yanzu mu juya ga gidansa na Kano, inda manhajojin waya irin su Remitly, WorldRemit, Sendwave da LemFi suka fi ƙarfi. Mutum na zaune a ɗakinsa zai sa lambar asusun matarsa mai alƙaluma 10, a cire daga katin bankinsa, kafin ya ajiye wayar ta kira ta ce alat ya shigo. Ba layi, ba kuɗin mota. Da yawa ma suna tallar cewa ba sa cajin ko sisi.

Wanda ya buɗe kamfani ba don Allah ya buɗe ba, don haka sai a nemi inda ribar take. Tana cikin canji. Naira ba kamar sefa ba ce, ba a ɗaure take da komai ba, musamman tun watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji ya bar kasuwa ta yi halinta. Tunda farashin na motsi kullum, kowane kamfani na yanka nasa, kuma mai aikawa ba ya saurin ganewa. A ce ainihin farashin kasuwa a ranar naira 1,700 ne kan Yuro ɗaya, Yuro 300 sun kama naira 510,000. Manhaja ta farko ta ce babu caji, amma canjinta 1,650, matar za ta ga naira 495,000. Ta biyu ta cire Yuro 4 a matsayin caji, ta canza sauran 296 a kan 1,690, matar za ta ga naira 500,240. Mai cajin ta fi ta kyautar da naira 5,240. Ta kyautar ta ci naira 15,000, kusan kashi 3 cikin 100, ba tare da ta rubuta ko kwabo a wurin caji ba. A wata goma sha biyu bambancin da ke tsakanin biyun ya haura naira dubu sittin.

Hanyar kama wannan ba ta buƙatar ilimin lissafi. A buɗe manhaja biyu ko uku a lokaci guda, a sa adadi ɗaya na abin da zai fita daga aljihu gaba ɗaya, har da caji, a dubi layin da ke nuna abin da mai karɓa zai samu. Wannan layin kaɗai ne abin gwadawa. A kuma yi hattara da farashin maraba. Sabon shiga akan ba shi canji mai daɗi a aikawar farko, daga ta biyu a mayar da shi layin kowa. Wanda ya zaɓi manhaja saboda abin da ya gani a ranar farko, ya kamata ya sake gwadawa bayan wata biyu. Haka nan biya da katin bashi yakan jawo wani cajin daga bankin da ya ba da katin, gara katin asusu.

A ra'ayina, ga cefanen gidan Kano, manhaja ce ta fi, amma tana da nata ramukan. Na farko, saurin da ake yabo shi ne haɗarinta. Idan aka kuskure alƙalami ɗaya kuɗin ya faɗa asusun wani, dawo da shi sai an yi ta zirga-zirga tsakanin bankuna, wani lokaci sai da umarnin kotu. Idan manhajar na nuna sunan mai asusun kafin a danna, a tsaya a karanta. Idan sabon asusu ne, a fara gwadawa da ɗan kaɗan. Na biyu, asusun mai karɓa na iya kasa ɗaukar kuɗin. A Najeriya asusun matakin farko, irin wanda ake buɗewa a waya ba tare da cikakkun takardu ba, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Naira 500,240 ɗin can za su maƙale ko su koma, mijin na ganin an cire masa, matar ba ta ga komai ba, sai zargi ya shiga tsakani. A fara ɗaga matakin asusun da BVN da NIN da shaidar adireshi. Na uku, ranar da ya aika adadin da ya fi na kullum, manhajar na iya tsayar da shi ta nemi takardar albashi, kuma babu kanta da zai je ya yi magana da mutum ido da ido. Masu dabarar raba kuɗin gida huɗu su aika a jere don kauce wa tambaya su sani cewa wannan dabarar ita kanta tana cikin abubuwan da ake sa wa ido.

Akwai dokar da ta shafi duk mai karɓa a Najeriya, ta kanti ko ta manhaja. Tun ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a Janairun 2024, kamfanonin aiko da kuɗi da naira suke biya, ba da dala ba, kuma abin da ya haura kwatankwacin dalar Amurka 200 sai dai a zuba a asusu. Wanda ke son iyalinsa su karɓi Yuro ko dala a yadda suke, sai ya bi ta banki zuwa asusun kuɗin waje.

Ga Inna ma wasu manhajojin na iya zuba kuɗi a asusun layin waya, amma sai an tambaya ko akwai mai cirewa a ƙauyen, ko yana da tsabar sefa kusan dubu ɗari biyu a ƙasa, da nawa ake yanka wajen cirewa. Sai kuma tambayar da ba a son yi: wayar wa ce, kuma wa ya san lambar sirrin? Idan a hannun jika take, to jikan aka aika wa.

Hanyar da ba ta da allo

Ba za a yi wannan zance a bar 'yan canji da 'yan kasuwa ba, don da yawa daga cikin mutanenmu ta nan suke bi. Ka ba wani Yuro a Hamburg, ya buga waya, abokin hulɗarsa a Wapa ko Kantin Kwari ya tura wa iyalinka naira. Kuɗin bai ƙetare iyaka ba. Ɗan kasuwar Kano na buƙatar Yuro a Turai don sayen kaya, kai kana buƙatar naira a Kano, sai aka yi musaya, su kuma su daidaita lissafinsu daga baya. Tana da sauri, ba ta tambayar takardar zama, kuma tana aiki a lokacin da sauran suka tsaya. Mutanen Nijar sun ga haka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta dakatar da hulɗar kuɗi da ƙasar har zuwa Fabrairun 2024.

Amma jarinta amana ce kawai. Idan mutumin ya karye ko ya rasu da kuɗinka a hannu, ba ka da rasit da za ka kai ko'ina. A Jamus da wasu ƙasashen Turai yin wannan sana'a ba lasisi laifi ne. Akwai kuma haɗarin da ke faɗa wa mai karɓa: nairar da ta shiga asusun matarka daga asusun wani baƙo ta fito, wanda ba ku san inda ya samo ta ba. Idan ta kasance kuɗin damfara ce aka bi sawu, asusunta za a rufe, ita za a kira ta yi bayani. A da, babban dalilin bin wannan hanya shi ne farashin bayan fage ya fi na hukuma nesa. Tun da tazarar ta ragu ƙwarai bayan sauye-sauyen 2023 da 2024, ribar da ta rage sau da yawa ba ta kai a ɗauki wannan kasada a kanta ba.

Idan daga gida kuɗin zai fita

Duk abin da ya gabata na mai aikowa gida ne. Uban da ke Kano yana son aika wa ɗansa ɗalibi a Alƙahira lissafinsa daban ne, domin ƙa'idojin nan na 2024 sun taƙaita kamfanonin ga shigo da kuɗi kawai, ba su da izinin fitarwa daga Najeriya. Kantin da ya karɓi kuɗi a cikinsa jiya ba zai aika masa yau ba. A nan banki, wanda muka ture gefe a zancen cefane, ya dawo kan gaba. Kuɗin makaranta da na asibiti ana neman su ta takardar Form A, a haɗa da takardar shaidar karatu da takardar kuɗin da makarantar ta nema, banki ya biya makarantar kai tsaye. Wanda ke da asusun dala kuma zai iya turawa daga ciki, sai ya nemi lambar IBAN ta asusun ɗan, domin bankunan Masar da na Saudiyya da ita suke aiki. Tunda cajin banki tsayayye ne, gara ya tara ya aika na wata uku ko huɗu a tashi ɗaya. Kuma ya fara cike takardun makonni kafin ranar da makaranta ta sa, domin idan aka samu takarda ɗaya da ba ta cika ba, sai an dawo da ita an sake shiga layi.